Kaɗa wutsiya ba gaisuwa ba ce: yadda ake karanta jikin kare

[Hoto: kare a ƙofar gida yana kaɗa wutsiya, wani saurayi yana matsowa da hannu a miƙe]

Irin wannan bidiyon ya yi ta yawo a waya kwanakin nan, kuma kusan kowa tambaya ɗaya yake yi: ya aka yi ya cije shi alhali yana kaɗa masa wutsiya? Wasu sun ce karen munafuki ne, wasu sun ce mahaukaci ne. A gaskiya karen ya yi gargaɗi har sau huɗu kafin ya kai cizo, sai dai idon kowa yana kan wutsiya, ita ma ba a karanta ta daidai ba.

Kaɗa wutsiya abu ɗaya kawai take nunawa: jinin kare ya motsa, wani abu ya ɗauki hankalinsa, kuma yana shirin yin wani abu a kai. Murna tana kawo haka, tsoro yana kawowa, fushi ma haka. Don a gane wanne ne, sai an duba abubuwa uku a jikin wutsiyar: inda take tsaye, faɗin kaɗawar, da kuma ko sauran jiki yana bin ta.

[Allo ya rabu gida biyu, kare ɗaya a kowane ɓangare]

Ku dubi na dama. Wutsiyarsa tana daidai da bayansa, ko ƙasa kaɗan, tana shara daga wannan gefe zuwa wancan. Ku bar wutsiyar, ku kalli ƙugunsa. Shi ma yana rangaji, har ƙafafun baya suna ɗan taka rawa. Wannan karen ya ga mai gidansa, kuma da zai samu dama da ya hau shi da tsalle.

Yanzu na hagu. Shi ma kaɗawa yake yi, amma wutsiyar ta miƙe sama, gindinta ya sandare, bakin ƙarshenta ne kawai ke karkarwa da sauri. Ƙugu bai motsa ba. Ƙafafun gaba sun kafe, nauyin jikinsa duk ya koma kansu, ƙirji ya fito. Wannan shi ne karen da ke cikin bidiyon farko, kuma abin da yake faɗa shi ne kada a ƙara taku ɗaya. Mu sake kallonsa a hankali, domin a nan mutane suke ruɗewa. Saurin kaɗawa ba ya nuna yawan murna. Idan kaɗawar ta yi ƙunci, ta yi sauri, jiki kuma ya ƙi binta, to kare a ɗaure yake daga ciki.

Akwai ta uku: wutsiya a ƙasa, wani lokaci har ta shige tsakanin cinyoyi, tana ɗan kaɗawa gajere-gajere. Mutane sukan ji tausayi su miƙa hannu. Wannan karen tsoro yake ji, yana neman a ƙyale shi. Idan yana da hanyar gudu zai gudu. Idan kuwa yana ɗaure da sarƙa, ko bayansa bango ne, abin da ya rage masa baki ne. Cizo da yawa daga matsoracin kare yake fitowa, kuma a ganina shi ya fi haɗari, don ba ya ba mutum tsoron da zai sa ya ja baya.

Kafin wani ya ce karensa kullum wutsiyarsa a sama take: haka ne, karnukanmu na gida da yawa wutsiyarsu a naɗe take bisa baya tun haihuwa, yayin da irin karen 'yan sanda tasa a sake take ƙasa. Saboda haka a fara sanin inda wutsiyar wannan karen take zama idan hankalinsa a kwance yake, sannan a auna ko ta hau ko ta sauka daga nan.

Wani abin sha'awa: a shekarar 2007 masu bincike a ƙasar Italiya sun gwada karnuka 30, suka ga idan kare ya ga mai shi kaɗawarsa ta fi karkata ɓangaren damansa, idan kuma ya ga baƙon kare mai ban tsoro sai ta karkata hagu. Ilimi ne mai daɗi, amma su da kyamara suka auna. Kada ka tsaya a gaban kare kana lissafin dama da hagu.

[Hoto ya matso kan fuska]

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ga kare ma haka ne. Kunne ba shi da wahala. Idan ya miƙe ya fuskanci gaba, goshi ya tattare, hankalin kare ya tattaru wuri ɗaya. Idan ya manne da kai ƙam, tsoro ne. Idan ya ɗan kwanta baya a sake, ido ya yi laushi, gaisuwa ce. Mai dogon kunne da ke reto, a dubi gindin kunnen, nan ne yake motsi.

Baki shi ya fi buƙatar natsuwa, kuma wurin da za ku sa ido shi ne kusurwar leɓe, inda na sama da na ƙasa suka haɗu. Ku ga wannan: kusurwar ta matso gaba, bakin ya gajarce, fatar hanci ta tattare, haƙoran gaba da fiƙoƙi kaɗai ake gani. Wannan kare ne da ya yarda da kansa, yana gargaɗi kuma a shirye yake ya cika. Ga wani kuma: kusurwar ta ja baya har kusa da kunne, ana ganin haƙora har na can ciki, kai a sunkuye. Tsoro ne ya yage wannan bakin. Mai wasa kuwa bakinsa a buɗe yake a sake, harshe a waje, babu tattara ko ɗaya a hanci.

Akwai ƙananan alamu da ke zuwa tun kafin a ga haƙori. Kare ya lashi hancinsa farat ɗaya alhali babu abinci a wurin. Ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba. Ya kau da kai gefe amma idonsa yana kanka, har farin idon ya bayyana. Duk waɗannan suna nufin an takura masa.

[Komawa bidiyon farko, a hankali]

To mu koma kan saurayin nan, mu ƙirga tare. Karen yana ɗaure, kwanon abincinsa yana gefe, rana ta yi zafi yana haki. Saurayin ya nufo shi kai tsaye, ido cikin ido. Ga na farko: karen ya lashi hanci ya kau da kai. Saurayin bai tsaya ba. Na biyu: karen ya miƙe tsaye, wutsiya ta hau sama ta fara wannan karkarwar, gashin doron wuyansa ya tashi. A nan ne saurayin ya ga kaɗawa ya yi murmushi. Na uku, ku saurara da kyau: hakin ya tsaya. Zafin rana bai ragu ba, amma baki ya rufe. Kare mai haki da ya rufe baki kwatsam yana kallonka, wani abu ya canza a ransa. Na huɗu shi ne mafi muni: komai ya daskare, har wutsiyar ta daina motsi. Wannan tsayawar takan yi daƙiƙa ɗaya ko biyu, wani lokaci ko haka ba ta kai ba. A daidai lokacin saurayin ya sunkuya ya kai hannu ta saman kai. Sauran kun gani.

Da ya tsaya tun a na biyu, ya juya gefensa ga karen, ya sauke ido ƙasa, ya naɗe hannu a jikinsa, ya ja baya a hankali har ya fita daga tsawon sarƙar, da babu abin da zai faru. Gudu da ihu su ne suke tayar da kare ya bi mutum, shi ya sa ake koya wa yara su tsaya cak su rungume hannu.

Ba mu ji gurnani a bidiyon ba, kuma wannan yana da dalili a wurin karnuka da yawa. Duk lokacin da kare ya yi gurnani aka zane shi, abin da ya koya shi ne ya daina gurnani. Tsoron ko fushin yana nan daram, sai dai an cire gargaɗin, gobe sai ya tsallake kai tsaye zuwa cizo. Ina roƙon masu karnuka: idan karenku ya yi gurnani, ku janye yaron ko baƙon, sannan ku nemi abin da ya jawo.

[Ƙananan karnuka biyu suna kokawa a fili]

Wasa fa? Wasan karnuka yakan tsorata wanda bai saba ba, ga gurnani, ga cizon wuya, ga ƙura. Alamar farko ita ce wannan: ƙirji da gwiwoyin gaba a ƙasa, gindi a sama. Gayyata ce. Sannan ku lura suna musayar matsayi, wanda aka bi yanzu shi ke bi, suna kuma ɗan tsayawa su huta su ci gaba. Idan kuna shakka, ku riƙe wanda ya fi ƙarfi na ɗan lokaci. In ƙaramin ya dawo da kansa yana tsokana, wasa ne. In ya sulale ya nemi mafaka, ku raba su.

Duk wannan yana ƙara wuya idan an datse wa kare kunne ko wutsiya, kamar yadda ake yi wa wasu karnukan farauta da na gadi. An rage masa abin magana, don haka sai a dogara da baki, da ido, da inda nauyin jikinsa ya karkata.

Kare ɗaya ne waɗannan ƙa'idoji ba sa aiki a kansa, wato mai ciwon hauka. Yana iya cizo babu gargaɗi, yana iya kuma yin laushi fiye da halinsa, yawu na dalala, muƙamuƙi a sake, yana tangaɗi. Kada a kusance shi, a sanar da likitan dabbobi. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar don allurar rigakafi, ko da raunin ƙarami ne. Kada a jira a ga alama, domin da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira.