Ayoyi 67 da Ke Tsakanin Daniyel 3:23 da 3:24

Jama'a, barkanmu da yamma. Duk mai Littafi Mai Tsarki a hannu ya buɗe Daniyel sura ta 3. A aya ta 23 an jefa Shadrak, Meshak da Abednego cikin tanderun wuta. In naka bugun Furotesta ne, aya ta 24 za ta ce sarki Nebukadnezzar ya tashi a firgice. In na Katolika ne, sarkin nan sai ka jira shi har aya ta 91. A tsakani akwai ayoyi 67: addu'ar Azariya, wato Abednego, da waƙar yabon da samarin uku suka rera a cikin wuta.

To, wa ya ƙara, wa ya rage? Ni a ganina tambayar ce ta zo a karkace. Tun asali Tsohon Alkawari ta hanya biyu ya iso hannun Kirista. Akwai na Ibrananci, akwai kuma fassarar Helenanci da Yahudawan Iskandariya suka soma tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, wadda ake kira Sebtuwajinta. Ayoyin nan suna cikin na Helenanci, babu su a na Ibrananci. Haka labarin Suzana da na gunki Bel, waɗanda Katolika ke ƙirgawa sura ta 13 da ta 14, alhali Daniyel na Furotesta a sura ta 12 ya tsaya. Littafin Esta ma yana da irin wannan ƙari.

Kiristocin farko galibi Helenanci suke karantawa, shi ya sa suka gaji har da littattafai bakwai cikakku da babu su a jerin Ibrananci: Tobit, Yudit, Hikimar Sulemanu, Sirak, Baruk, da Makabiyawa na ɗaya da na biyu. Jerom, malamin Ikilisiya, da ya zo fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya fifita jerin Ibrananci. Bishop Agustin bai yarda ba, kuma taron shugabannin Ikilisiya na Kartaj a 397 ra'ayinsa ya bi.

Gardamar ta kwanta, ba ta mutu ba. Abin da ya tashe ta har da 2 Makabiyawa sura ta 12, inda aka miƙa hadaya saboda sojojin da suka mutu, wurin da Katolika ke kafa hujjar yi wa matattu addu'a. Martin Luta, a bugunsa na Jamusanci na 1534, bai jefar da littattafan ba. Ya ware su ne tsakanin Alkawari biyu da sunan Afokirifa: a karanta a ƙaru, amma ba daidai suke da Nassi ba. Taron Ikilisiyar Katolika na Tirent ya mayar da martani a 1546, ya tabbatar da su. Ga inda littattafai 66 na Furotesta da 73 na Katolika suka rabu ke nan.

Wani ya ɗaga hannu yana tambaya game da Kiristocin Otodoks. Nasu ya fi haka yawa. Suna da Zabura ta 151, Ikilisiyar Habasha kuwa har da littafin Anuhu. Wannan sai zama na gaba.