An tafi da ɗan'uwanka, ba ka san inda yake ba: takardar da ake kai wa Babbar Kotu

To jama'a, bari mu ɗauki misali. A ce ƙaninka aka kama ranar Talata, ka je caji ofis Alhamis aka ce an wuce da shi, ba a faɗa maka ina ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Sai dai wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, wannan wa'adin bai shafe shi ba.

Abin da lauya zai shigar shi ne roƙon a tilasta a fito da shi, lauyoyi na cewa habiyas kofus. Ni na fi son a bi ta dokokin kare haƙƙin ɗan'adam na 2009, don a takarda ɗaya za a nemi saki da diyya. Ba kotun majistare za a kai ta ba, Babbar Kotu za a kai ta, ta jiha ko ta tarayya, a jihar da abin ya faru.

Yanzu ku kasa kunne, a takardar rantsuwa ake yawan faɗuwa. Tunda shi yana tsare, kai ne za ka rantse a madadinsa, doka ta yarda. Amma kada ka rubuta “an ce”. Abin da ka gani da idonka, ka ce ka gani. Wanda aka faɗa maka, ka kawo sunan wanda ya faɗa, a ina, wace rana, ƙarfe nawa, ka ƙara da cewa ka gaskata shi. Misali: maƙwabcin shagonsa ya shaida mini a ƙofar gida ranar Talata da ƙarfe 5 na yamma cewa mutum uku sun sa shi a farar mota. Lambar mota, kwanon abincin da ka kai caji ofis aka karɓa ranar Laraba, sunan wanda ya karɓa a kanta, duk sa su. Kwanon nan hujja ce, don in suka ce ba su taɓa riƙe shi ba, shi zai ƙaryata su.

Wa za a yi ƙara alhali ba ka san inda yake ba? Hannun ƙarshe da aka gan shi a ciki, sannan na sama da su: baturen 'yan sandan yankin da kwamishinan jiha. Kwana 5 gare su su mayar da martani. In ana tsoron lafiyarsa, lauya ya haɗa da roƙon gaggawa da alƙali zai saurara kafin su amsa.

Wani lokaci sai su fito da takardar majistare ta ajiya a gidan yari. Duba kwanan watan da ke jiki, irin wannan umarni yana da wa'adi, ya kan ƙare ba a sabunta ba. Marar kuɗin lauya kuma ya nufi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a kyauta na jiharsa, ya tafi da hoton ƙanin nasa.