Yadda Ake Farautar Doguwar Kalma a Gidaje Goma Sha Shida

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da yamma. Waɗanda ke baya su ɗan matso, domin yawancin abin da zan faɗa a kan allon nan yake, wanda bai ga haruffan ba zai sha wuya.

Wasan da za mu tattauna sunansa Boggle. Wani Ba'amurke, Allan Turoff, shi ya ƙirƙiro shi, kamfanin Parker Brothers ya fitar da shi kasuwa a 1972, yanzu kuma yana hannun Hasbro. 'Ya'ya goma sha shida ne masu fuska shida-shida, kowace fuska da harafi. A zuba su cikin akwati mai murfi, a girgiza, su zauna layi huɗu, kowane layi gida huɗu. Sai a kifa agogon yashi na minti uku, kowa ya duƙufa yana rubuta kalmomin da ya gano. Doka biyu ce ke riƙe da wasan. Ta farko, daga harafi sai maƙwabcinsa: sama, ƙasa, dama, hagu, ko a karkace ta kusurwa. Ta biyu, gidan da ka taka sau ɗaya ba ka sake taka shi a cikin kalma guda.

Ku saurari yadda ake ba da maki, don a nan dalilin laccar yake. Kalma mai harafi uku ko huɗu maki 1 ce. Mai biyar 2, mai shida 3, mai bakwai 5. Mai takwas zuwa sama kuwa 11. Sannan idan lokaci ya cika aka karanto, duk kalmar da mutum biyu suka rubuta sai a soke ta, babu mai cin komai. To gajerun kalmomi kowa na ganinsu, saboda haka su ake yawan sokewa. Mutum ya cika takarda da kalmomi ashirin, a soke sha bakwai, na kusa da shi mai doguwar kalma ɗaya ya wuce shi. Ni a ganina wanda ya ƙare mintinsa uku kan ƙananan kalmomi bai fara wasan ba tukuna.

'Ya'yan da ake sayarwa don Turanci aka tsara su, har akwai fuskar da ke ɗauke da Qu a haɗe, ana ƙirga ta harafi biyu, wanda ya sa ake iya samun kalma mai harafi 17 a gida 16. Mu da Hausa za mu yi, don haka na zana nawa allon da hannu. Ga shi:

```
M A K I
R A C Y
A N T U
D B A W
```

Kafin mu nemi ko kalma ɗaya, mu dubi gidajen, domin ba darajarsu ɗaya ba. Gidan kusurwa, kamar M ɗin can, maƙwabta uku kawai gare shi. Gidan gefe yana da biyar. Gidaje huɗun tsakiya, wato A, C, N da T, kowanne yana taɓa takwas. Doguwar kalma da wuya ta kauce wa tsakiya, shi ya sa idona can yake fara sauka. Idan ka haɗa lissafin, kusurwa huɗu sau uku, gefe takwas sau biyar, tsakiya huɗu sau takwas, za ka sami hanyoyi 84 na taka gida biyu. Na gida uku 408 ne. Idan aka tara duk hanyoyin da ke cikin allon, daga mai gida ɗaya har mai sha shida, sun kai 12,029,640. Na kawo wannan adadi ne don ku yarda cewa bin hanya ɗaya-ɗaya da ido, da fatan a yi tuntuɓe da kalma, ba zai kai ku ko'ina ba cikin minti uku. Ko kwamfuta ma ba duka take bi ba: da zarar haruffan da ta tara ba su zama farkon wata kalma a ƙamus ba, sai ta yanke hanyar ta koma baya. Abin da za mu koya ke nan, sai dai mu muna da abin da ya fi ƙamus sauri, wato sanin yadda ake gina kalmar Hausa.

Kalmar Hausa baƙi da wasali take tafiya, gaɓa-gaɓa. Don haka ku fara ƙirga wasula. A guda huɗu ne a nan, kuma zan ba su suna don kada mu rikice: A ta sama, A ta tsakiya, A ta hagu, A ta ƙasa. Sai I ɗaya a kusurwar dama, U ɗaya a gefen dama. Ɓangaren hagu cike yake da A, nan jikin kalma zai fito. I da U kuwa sun koma bakin allo, wanda ke nuna ƙarshen kalma za su fi yi mana amfani. Sai kuma N. Tana cikin baƙaƙen da ke rufe gaɓa, kuma ga ta manne da T da C. Duk Bahaushe ya san sautin nta, ntu, nci a ƙarshen kalma. Ga kuma M da A a can sama, ɗafa-goshin nan na ma- da ke ba mu sunan wuri da na mai aikatawa. Kun ga mun sami kai, mun sami wutsiya, saura abin da ke tsakani.

Na ji wani ya faɗa daga baya. E, makaranta. Mu bi ta da yatsa, domin gani da ido ba ya isa. M, A ta sama, K, mu sauko a karkace zuwa A ta tsakiya, R, A ta hagu, N, T, A ta ƙasa. Gida tara, ba mu maimaita ko ɗaya ba. Maki 11.

Yanzu ga inda gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Ɗan koyo zai rubuta ya yi murna ya tafi wani gefen allo. Gwani ba ya ɗaga yatsa daga N. Ya riga ya biya kuɗin gida bakwai, sai ya tatse su. Daga T, maimakon A ta ƙasa, a juya dama zuwa U: makarantu, wani 11. Daga N a hau a karkace zuwa C, a sake hawa zuwa I: makaranci, wani 11. A sare ma- ɗin gaba: karanta da karantu, biyar-biyar. A ƙara sarewa: ranta, maki 2. Dokar wasan ta yarda da jam'i, ta yarda da kalmar da ke cikin wata kalma, muddin ka rubuta kowacce daban.

To mu zo kan dokar hana maimaici, wadda ita ke kayar da mutane. Ku nemo mini karatu. Harafi shida ne, kuma duk suna nan. Yawancinku za ku bi hanyar da muka saba: K, A ta tsakiya, R, A ta hagu. Sai T. Ina T? Tana nesa, N ta shiga tsakani. Ka koma A ta sama, ita ma ba ta taɓa T. Nan mutum zai ce kalmar ba ta fita, alhali tana fita. Kuskuren tun a taki na biyu aka yi shi. A ɗin da ke iya haɗa R da T guda ɗaya ce, ta tsakiya, kai kuma ka kashe ta da wuri. Sake: K, A ta sama, sauko a karkace zuwa R, A ta tsakiya, T, U. Ta fita, maki 3. Ka'idar ita ce, idan harafi ɗaya ya zo a gida biyu, fara taka wanda ke gefe, ka adana na tsakiya don inda hanya ta ƙuntata. Haka makanta take: sai ka fara da A ta sama, domin ta tsakiya ce za ta sada K da N.

Akwai kuma kalmomin da ba sa fita ko ka kwana kana juyawa, kuma gane su da wuri yana cece ka daƙiƙa ashirin ko talatin. Hanyar ganewa ita ce ka je wurin harafin da ya fi ƙarancin maƙwabta ka tambaye shi. Ɗauki karantawa. W tana kusurwa, maƙwabtanta T, U da A ta ƙasa. Kalmar na son A kafin W da wata A bayanta, amma A ɗaya ce ke taɓa W. Ta mutu, kuma mantawa ma ta mutu da wannan ciwon. Amma ku lura, U na taɓa W. Saboda haka a shiga ta U a fita ta A: mantuwa, M, A ta tsakiya, N, T, U, W, A ta ƙasa, maki 5. Sannan karantuwa, kamar a ce rubutun nan ba ya karantuwa, harafi tara, 11. Daga saiwa ɗaya mun tara kalmomi huɗu masu maki 11, wato 44, kafin a ƙirga ƙanana.

Hajiya a gaba tana tambaya ko makaranciya za ta fita, tunda ga Y kusa da I. Madalla da tambaya, ranki ya daɗe. Mu tambayi Y: maƙwabtanta K, I, C, T, U. Babu A ko ɗaya. Don haka makaranciya ta tsaya a Y, haka ma tuya. Kusan duk abin da ke son gaɓar ya a allon nan a rufe yake, sai ka cire Y daga lissafi ka huta. Dabara ma, duk haruffanta suna nan, amma D ba ta da wata A sai ta hagu, daga B dole ka faɗa A ta ƙasa, ita kuwa ba ta san inda R take ba.

Wani malami ya ce ai ƙaranci ma na nan. To wannan magana ce da ya kamata a yanke kafin a kifa agogo. A allona K ce, ba Ƙ ba, kuma kowa ya san bambancin kara da ƙara. Ni ra'ayina a ba ɓ, ɗ da ƙ gidajensu daban, kada a bar harafi ɗaya ya yi aiki biyu, in ba haka ba muna koya wa yara rubutun da za a soke musu a jarrabawa. Sh da ts kuwa gara a haɗa kowanne a gida ɗaya, yadda Turawa suka yi wa Qu. Sunayen mutane da na garuruwa ba sa shiga, wannan dokar asali ce. Sai kuma a amince da ƙamus ɗaya da zai raba gardama, domin abin da Basakkwace ya ɗauka kalma ce Bakano na iya musantawa.

Ga wata da ban nuna muku ba. Akwai kalma mai harafi biyar da ta fara daga T ta ƙare a A ta hagu, ta bi ta D, kuma masu waina sun san ta. Zan kifa agogo yanzu, wanda ya samu ya ɗaga hannu ya zo ya bi ta da yatsa a allo.