Amsoshin Tambayoyinku: Idan ganawa ta ci lokacin wanda ke biye

"Ina ganin mutane ne bisa alƙawari, kowa da awa ɗaya, amma sau da yawa wanda ke gabana yakan zarce lokacinsa alhali na biye yana hanya. Yaushe zan sanar da shi, kuma me zan ce masa?"

Wannan tambaya ce daga wata mai sauraronmu, kuma wasiƙu da dama sun zo da irinta, saboda haka za mu ɗan daɗe a kanta. Malama, ki sanar da shi tun lokacin da kika hango jinkirin, kada ki bari sai lokacinsa ya cika, domin wanda bai baro inda yake ba yana iya yin wani abu da mintocin nan, wanda ya riga ya iso kuwa zaman jira kawai ya rage masa.

A ce alƙawarinsa ƙarfe 10:30 ne, sai kika duba agogo da ƙarfe 10:15 kika ga aikin da ke gabanki zai ƙara cin minti 30. Kin ga za ki gama da 10:45 ke nan, amma kada ki faɗi 10:45, domin akwai sallama da kimtsa wuri, kuma wanda aiki ya sha wa kai yakan yi ƙiyasin da ya gaza. Ki nemi izinin wanda ke gabanki na minti ɗaya, ki tura saƙo kamar haka: "Malam, don Allah ka yi haƙuri, ganawar da nake ciki ta ɗauki lokaci fiye da yadda na tsara. Zan gan ka da ƙarfe 11:00 maimakon 10:30. Idan hakan bai yi maka ba, mu sa wani lokacin." Ina maimaitawa, ki ambaci ƙarfe kaza, ki guji "yanzun nan" da "saura kaɗan", domin a ganina waɗannan kalmomi sun fi jinkirin kansa ɓata rai. Kada kuma ki bayyana abin da ya kawo mutumin farko, wannan sirrinsa ne. Sannan ki tuna da mai alƙawarin 11:30, wanda shi ma ya koma 12:00, ki sanar da shi a lokaci guda.

Ga kuma tambayoyin wasu masu sauraro. "Kira ya fi ko saƙo?" Idan lokaci ya ƙure ka kira, domin mai tuƙi ba zai karanta saƙo ba.

"Zan iya rage lokacin na biyun don in cike giɓin?" Haba Malam, ba shi ya jawo jinkirin ba! Ka ba shi awarsa cikakkiya, sai fa idan shi da kansa ya zaɓi a taƙaita saboda yana sauri.