Alat ya shigo, amma kuɗin wa ne?

Ku dubi allon nan. Layi uku ne daga sitatimen ɗin wani dilan shadda a Kantin Kwari, duk na rana ɗaya.

```
NIP/MOHD SANI/inv412        185,000
NIP/POS AGENT/kudin shadda  185,000
NIP/SANI M/balance          140,000
```

Kuɗi sun shigo, naira dubu 510. Aikin da ya rage shi ne a san wane inbois kowane layi ya biya, don kada gobe a kira wanda ya riga ya biya a ce ana bin sa bashi.

Yawancin mutane da suna suke farawa, kuma nan ne ake zamewa. Muhammad ɗaya zai fito a MOHAMMED, ya fito a MUHD, ya fito a MOH'D, wani bankin kuma ya sa sunan mahaifi a gaba. Sannan sunan da ke sitatimen na mai asusun da kuɗi suka fito ne, ba lallai na mai sayen kaya ba. Yaronsa zai iya turowa, ko matarsa. Saboda haka ni suna shi nake dubawa a ƙarshe.

Da lamba ake farawa. Inbois ɗinmu INV-0412 ne, kwastoma ya rubuta inv412. A cire haruffa da sifirin gaba, a nemi 412 kawai. A Excel, idan layin sitatimen ɗin yana gidan B2, ga yadda ake yi:

```
=ISNUMBER(SEARCH("412",B2))
```

Sai dai a yi hattara. Wannan zai ce TRUE ko da 412 ɗin tana cikin lambar waya ce, ko cikin 1412. Don haka lamba kaɗai ba ta isa ba, sai adadin kuɗi ya mara mata baya. A nan inbois ɗin dubu 185 ne, abin da ya shigo dubu 185, sunan ma ya yi kama. Layin farko ya fita.

Na biyu ne mai ciwon kai. Babu lamba, sunan na mai POS ne, bayanin kuma "kuɗin shadda", alhali shagon gaba ɗaya shadda yake sayarwa. Abin da ya rage mana adadi ne da kwanan wata. Mu duba inbois ɗin da ba a biya ba masu dubu 185, sai ga guda biyu: 0418 na wata Hajiya daga Zinder, da 0421 na wani tela. To, a nan ba a canka. Idan ka ɗora wa tela alhali Hajiya ce ta biya, jimillar littafinka za ta yi daidai, babu abin da zai nuna maka kuskure, sai ranar da Hajiya ta zo sari ka ce da saura. A ajiye kuɗin a shafin "ba a gano mai shi ba", a nemi rasit daga su biyun.

Idan rasit ya zo, abin da za a duba shi ne Session ID, lamba 30 da tsarin NIP na NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya, ke bai wa kowace tiransifa tsakanin bankuna. Tiransifa biyu ba sa zuwa da guda ɗaya. Ta dace da wadda bankinka ya nuna, magana ta ƙare. A rubuta ta a gaban inbois ɗin, domin idan wani ya sake turo hoton rasit ɗin nan bayan sati biyu, nan take za ka ga an riga an yi amfani da ita.

Layi na uku babu inbois ko ɗaya mai dubu 140. Amma a shafin Sani Muhammad akwai tsofaffi biyu, dubu 90 da dubu 50. Ya haɗa su ne ya biya lokaci guda. Irin wannan haɗin a cikin shafin mutum ɗaya kawai ake gwada shi, don idan ka baza shi kan kwastomomi duka, ba ka rasa lambobi biyu da za su ba ka 140 bisa tsautsayi.

Abu na ƙarshe, kafin a rufe kwamfuta a buɗe shafin laƙabi. Gefe ɗaya sunan yadda ya fito a sitatimen, ɗaya gefen kwastoman gaske: MOHD SANI na Muhammad Sani ne, SANI M na Sani Muhammad. Wata mai zuwa ba sai an yi waya ba. Mai POS kam ba ya shiga wannan shafi, domin mutanen unguwa guda ne ke turo kuɗi ta asusunsa.