Zinariyar Ƙasa a Taskar Wani: Laccar da Aka Gabatar Kan Takunkumi da Maido da Ajiya Gida

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai da sauran jama'ar da suka halarta, ina godiya. Zan fara da tambayar da aka fi yi mini: me ya sa tun farko ƙasa za ta kai zinariyarta Landan ko New York, alhali tana da babban banki nata?

Dalilin shi ne kasuwa. Sandar zinariyar da bankunan ƙasashe ke ajiyewa tana da nauyin kusan kilo goma sha biyu da rabi, kuma kowace tana ɗauke da lambarta da hatimin matatar da ta tace ta. Idan sandar tana cikin taskar Bankin Ingila, mai ita zai iya sayar da ita ko ya jinginar da ita ya karɓi dala cikin 'yan kwanaki, ba tare da ta fita daga ginin ba, domin sunan mai ita kawai ake sauyawa a littafi. Wannan sauƙin ne ya sa ƙasashe da dama suka yarda su bar dukiyarsu a hannun wani, kuma shekara da shekaru babu wanda ya ga aibun hakan.

Mu duba abin da ya sami Venezuela. A shekarar 2011 Shugaba Hugo Chávez ya ba da umarnin a kwaso kimanin tan 160 na zinariyar ƙasar daga bankunan waje, aka yi ta jigilarta a jiragen sama zuwa Karakas har farkon 2012. A lokacin masana da yawa sun ɗauki abin a matsayin burga ta siyasa. Amma ba duka aka kwaso ba. A 2018 gwamnatin Nicolás Maduro, wadda takunkumin Amurka ya matse, ta nemi Bankin Ingila ya saki abin da ya rage, bankin ya yi ta jan ƙafa. A farkon 2019 gwamnatin Birtaniya ta amince da jagoran 'yan adawa Juan Guaidó a matsayin shugaban riƙon ƙwarya na Venezuela, sai maganar ta koma ta wane ne ke da ikon sa hannu a madadin babban bankin ƙasar, tunda kowane ɓangare ya naɗa tasa hukumar gudanarwa. Shari'a ta kai har Kotun Ƙoli ta Birtaniya, wadda a watan Disamba na 2021 ta ce dole kotunan ƙasar su bi matsayin gwamnatinsu kan wanda take ɗauka shugaba. Ku lura da kyau, babu wanda ya ce zinariyar ba ta Venezuela ba ce, babu kuma wanda ya ƙwace ta. Kusan tan 31 ne, wato sanduna wajen dubu biyu da ɗari biyar, suna zaune an hana mai su taɓa su.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. Bayan Rasha ta mamaye Ukraine a Fabrairun 2022, ƙasashen Yamma sun riƙe kimanin dala biliyan 300 na ajiyar babban bankinta, mafi yawansu a Beljiyam. Zinariyarta kuwa, wajen tan 2,300, tana cikin gida, don haka takunkumin bai kai gare ta ba. Gwamnonin manyan bankunan ƙasashe sun ga wannan bambancin da idonsu. Daga 2022 zuwa 2024 bankunan a jimlace sun sayi fiye da tan dubu a kowace shekara, kuma a 2024 Indiya ta ɗauko fiye da tan 100 daga Birtaniya, kodayake hukumominta ba su ce tsoron takunkumi ne ya sa ba. Kada kuma a haɗa da Jamus, wadda ta maido da tan 674 daga New York da Paris tsakanin 2013 da 2017. Nata dalilin matsin lamba ne daga 'yan ƙasa masu son tabbatar da cewa dukiyarsu tana nan.

A ganina, inda ake yawan yin kuskure shi ne a ɗauka cewa da zarar zinariya ta dawo gida an tsira. A Maris na 2022 ƙungiyar kasuwar zinariya ta Landan ta dakatar da matatun Rasha guda shida daga jerin waɗanda take karɓar sandunansu, daga baya kuma manyan ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki suka hana shigo da sabuwar zinariyar Rasha. Ke nan dukiyar tana hannu, amma sayar da ita sai an nemi mai saye a wata kasuwar, a biya kuɗin jirgi da inshora, sau da yawa kuma a rage farashi. Ko ƙasar da ba a sa wa takunkumi ba, idan ta fitar da sanda daga taskokin da kasuwa ta amince da su, wataƙila sai an sake aunawa da gwada ingancinta kafin a karɓe ta. Shi ya sa Poland, da ta ɗauko tan 100 daga Landan a 2019, ta bar wani kaso a can, domin ranar da za ta buƙaci dala cikin gaggawa.