Saƙon bayan amsa: yadda nake rubuta shi da Hausa da Turanci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Nan inda nake dare ya yi, kun ga ma na kunna fitilar tebur. Ɗalibaina kuwa suna warwatse, wasu safiyarsu ce, wasu yammacinsu. Yawancinsu sukan yi gwajin mako ina barci. Saboda haka ɗan saƙon nan da ke fitowa bayan ɗalibi ya danna amsa, shi ne bakina a wurinsa. In saƙon ya faɗi abin da bai dace ba, ba na nan balle in gyara.

Bari in juyo da kyamara ku ga allon. Darasin na ƙididdiga ne, a kan Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, nake gina shi, kuma ana karanta shi da Hausa da Turanci. Ga tambayar: an ba da lambobi biyar, 5, 16, 2, 4, 3, an ce a nemo `median`. Wato a jera su daga ƙarami zuwa babba, 2, 3, 4, 5, 16, a ɗauki ta tsakiya. Amsa 4 ce.

To amsoshin kuskuren da na saka ba da ka na zaɓe su ba. Wanda ya danna 6, ya tara su duka ne ya samu 30, ya raba da 5. Wanda ya danna 2, ya ɗauki ta tsakiya bai jera ba. Wanda ya danna 9, ya haɗa 2 da 16 ya raba biyu. Kowace amsa tana nuna mini inda ƙafar ɗalibi ta zame. Shi ya sa ba na rubuta "ba daidai ba, sake gwadawa" a duka ukun. A ƙarƙashin kowane zaɓi akwai akwatin da aka rubuta `Feedback`, kowanne da nasa saƙon.

Ga kuskuren da na yi a karon farko, kuma har yanzu yana damuna. Na rubuta na Turanci tukuna, sannan na juya shi zuwa Hausa. Na wanda ya danna 6, Turancin ya ce masa ya nemo `mean` ne, alhali `median` aka tambaya. Da na juya, sai ya fito haka: "Ka nemo matsakaici ne, ba na tsakiya ba." Wata ɗaliba ta turo mini hoton allonta ta ce, "Malam, ni ai matsakaici da na tsakiya duk abu ɗaya nake jinsu. Kuma ni ba namiji ba ce." Wallahi ta yi gaskiya a duka biyun.

Mu fara da na farko. Kalmomin Turancin nan biyu suna ne daban-daban, wanda ya koye su da Turanci sunan kaɗai ya ishe shi. A Hausa kuwa, kalmomin da na sa sun yi kusa da juna har sun haɗe. To sai na daina dogara da suna, na koma faɗin aikin da hannu ya yi. Yanzu saƙon yana cewa: "Wannan amsar tana fitowa ne idan an tara lambobin an raba da 5. A nan ba tarawa ake so ba. A jera su daga ƙarami zuwa babba, sannan a duba wadda ta tsaya a tsakiya." Abin da ya ba ni sha'awa, da na koma na Turancin sai na ga shi ma ya fi kyau a haka, domin ɗalibin da ya rikita sunayen biyu, sake jefa masa sunayen ba ya warware masa komai. Tun daga nan na sauya tsarin aikina. Kafin in rubuta ko kalma ɗaya a kowane harshe, sai in rubuta a takarda abu biyu: me ɗalibin ya yi, kuma me zai yi yanzu. Daga takardar nan nake rubuta na Hausa, daga ita nake rubuta na Turanci. Jimlolin ba sai sun yi kama ba, amma bayanin da ke ciki dole ya zo daidai. In na Turanci ya bayyana cewa amsar 4 ce, na Hausa ya tsaya a ishara, to na fifita wasu ɗalibai a kan wasu, musamman tunda gwajin yana ba da damar sake gwadawa.

Na biyu, maganar "ka" da "kin". Turanci yana ce wa mace da namiji abu ɗaya, Hausa kuwa sai ta zaɓa. Na gwada "ka/kin", na ga ya yi kama da takardar cike bayanai, ba maganar malami ba. "Kun" yana aiki, kuma akwai ladabi a cikinsa. Amma abin da na fi so shi ne in yi magana a kan amsar, ba a kan mai amsar ba: "Amsar nan daidai ce", "A jera su tukuna", "An manta da jerawa". Kun ga babu jinsi a ciki, kuma zafin kuskuren yana raguwa.

Wani ƙaramin abu: kada a rubuta "zaɓi na biyu" a cikin saƙo. In an kunna gauraya amsoshi, na biyun wani shi ne na huɗun wani. A ambaci lambar kanta.

Yanzu ku matso ku ga yadda nake sa harsunan biyu a akwati ɗaya. Moodle yana da matatar da ake kira `Multi-language content`, mai kula da shafin ne ke kunna ta. Ana rubutawa haka a ɓangaren HTML na akwatin:

```html
<span lang="ha" class="multilang">A jera lambobin tukuna.</span>
<span lang="en" class="multilang">Sort the numbers first.</span>
```

Ɗalibi zai ga na harshen da ya zaɓa a shafin kawai. Abu biyu ake kiyayewa. Dole su zauna a jere, babu komai tsakaninsu sai fili. In wani rubutu ko alamar sabon sakin layi ta shiga tsakani, sai duka biyun su fito tare, kuma da haka ake gane an samu matsala. Sannan in harshen ɗalibi ba ya cikin waɗanda aka rubuta, na farko ne zai fito masa. Don haka a yi tunani kafin a zaɓi wanda za a sa a gaba.

Kafin in saki gwaji, nakan danna `Preview`, in zaɓi kowace amsa ɗaya bayan ɗaya a kowane harshe. Zaɓi huɗu, harshe biyu, dubawa takwas ke nan a tambaya guda. Nakan yi a waya, domin a waya suke karantawa, kuma a nan nake ganin ko na Hausa ya yi tsawo har sai an ja allo, ko ƙ da ɗ da ɓ sun koma ƙananan akwatuna.

To ga shi na danna 2, mu gani. Na Hausa ya fito: "An ɗauki ta tsakiya kafin a jera." Madalla. Bari in sauya harshe in duba ɗayan, saura tambaya tara kafin in kwanta. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.